Gyaran amsoshin lissafi: a karanta kafin a ci gaba da bita

Assalamu alaikum 'yan aji. Barkanmu da yamma, ya karatu?

Wannan saƙo a kan amsoshin tambayoyi 40 na lissafi ne, waɗanda Malam ya ba mu ranar Litinin don shirin JAMB, kwamitin bita ya warware, aka turo muku haruffan ranar Talata da daddare. An gano kuskure a jerin. Haruffa 10 ne ba daidai ba, wato kashi ɗaya cikin huɗu na takardar, sannan akwai tambaya ɗaya da ita kanta aka buga ta da kuskure. Malam ya zauna da kwamitin yau bayan azahar, an bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke ƙasa shi ne wanda ya amince da shi. Ku goge jerin ranar Talata daga wayoyinku. Wanda ya kwafa a littafi ya ja masa layi da jan biro, kada ranar jarrabawar gwaji ya buɗe shafin ya sake haddace shi.

Babbar matsalar tana tsakanin lamba 17 da 24, kuma ba daga lissafin ta fito ba, daga kwafi ne. Kwamitin ya rubuta amsoshinsa da hannu a doguwar takarda, aka naɗe ta, daga baya aka ɗauke ta hoto biyu. Layin lamba 17 ya faɗa daidai kan naɗin, bai fito a hoton ba. Da aka zo bugawa a waya haruffa kawai ake bi, ba a duba lambobin, sai harafin 18 ya hau gurbin 17, na 19 ya hau gurbin 18, haka har zuwa 24. Abin da ya rufe ɓarnar shi ne hoton farko ya ƙare a kan lamba 25, na biyu kuma ya fara da ita, sai aka buga harafinta sau biyu. Da aka ƙirga aka samu 40 cif, kowa ya ɗauka komai lafiya. Shi ya sa daga 25 zuwa ƙasa jerin ya koma kan hanya.

Ga yadda aka turo da kuma yadda ya kamata:

17: an turo A, daidai C
18: an turo D, daidai A
19: an turo D, daidai D (ba canji)
20: an turo B, daidai D
21: an turo A, daidai B
22: an turo C, daidai A
23: an turo B, daidai C
24: an turo D, daidai B

Lamba 19 ta tsira ne kawai don ita da 20 duk D ne, gocewar ba ta taɓa ta ba.

Wasu za su ce ai da an lura tun farko. Abin da ya sa ba a lura ba shi ne wasu daga cikin haruffan da suka goce sun faɗa kan amsoshin tarko, irin waɗanda mai tsara tambaya ke sakawa da gangan. Dubi 17: zanen da'ira ne, kusurwar da ke tsakiya digiri 110, ana neman kusurwar da ke bakin da'irar, su biyun suna tsaye a kan yanki ɗaya. Ƙa'ida ita ce ta baki rabin ta tsakiya ce, wato 55, kuma tana C. Amma A ɗin da aka turo 110 ce, lambar da ke cikin zanen, duk wanda bai riƙe ƙa'idar da kyau ba zai gani ya gyaɗa kai. A 22 ana neman faɗin filin da'ira mai nisan 7 daga tsakiya zuwa baki. 22/7 × 7 × 7 = 154, tana A. C ɗin da aka turo 44 ce, wato kewayen da'irar, 2 × 22/7 × 7. A 23 ana neman jimillar kusurwoyin ciki na siffa mai gefe 6: (6 − 2) × 180 = 720, tana C, alhali B ɗin da aka turo 540 ce, ta siffa mai gefe 5. Duk wanda ya samu 55, 154 da 720 sannan ya goge don ya bi jerin, ya sani tun farko shi ne a kan daidai.

A lamba 21 asirin ya tonu. Wata 'yar'uwarmu ce ta tsaya kai da fata cewa 1101 a tushe biyu ba zai taɓa zama 11 a tushe goma ba, domin 8 + 4 + 0 + 1 = 13. Da aka buɗe takardar hannun aka ga kwamitin ma B ya rubuta, wato 13. Daga nan aka bi sama da ƙasa aka ga inda layin ya goce. Allah ya saka mata da alheri. Sauran ukun ba su da wani dogon bayani: 18 amsarta 3, 20 amsarta 27, wato 3 + 6 × 4, ita kuma 24 kuɗin ruwan naira 20,000 a kan kashi 5 cikin ɗari na shekara 3, naira 3,000 ke nan.

Sai kuskure iri na biyu, wanda ya fi buƙatar nutsuwa, don shi a cikin lissafin kansa yake. Tambayoyi uku ne.

Lamba 6: an turo A, daidai B. Tambayar ita ce −3² + 4 × 2. An ɗauki −3² a matsayin 9, aka tara da 8, aka samu 17. Amma tunda babu baka da ta rufe −3, ƙaramar 2 ɗin da ke sama a kan 3 kaɗai take aiki, alamar ɗebewa tana waje tana jira. Saboda haka −9 + 8 = −1. Da an rubuta (−3)² ne, to a nan 9 za ta fito. Ku lura da sauran zaɓin ma: C, wato −10, na wanda ya yi tarawa kafin ninkawa ne, D kuma, 26, na wanda ya haɗa kurakuran biyu. Ba zaɓin da aka saka a banza.

Lamba 31: an turo B, daidai C. Kaya na naira 5,000 aka ƙara wa farashinsa kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20 cikin ɗari. An ce ya koma 5,000, wai abin da aka ƙara shi aka cire. Ba haka ba ne. Ƙarin a kan 5,000 aka yi shi, naira 1,000, farashi ya zama 6,000. Ragin kuwa a kan 6,000 aka yi shi, naira 1,200, ya rage 4,800. A taƙaice 5,000 × 1.2 × 0.8 = 4,800. Duk lokacin da aka ƙara wani kaso sannan aka rage irinsa, sai farashin ya sauka ƙasa da inda ya faro, kuma ko ragin aka fara yi kafin ƙarin amsar ɗaya ce. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar kowa ya sake yi da hannunsa yau, don lambobin kawai ake canzawa, tarkon yana nan.

Lamba 38: an turo A, daidai D. Jaka ce mai ƙwallo 5 jajaye da 3 shuɗɗa, a zaro biyu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an mayar da ta farko ba, ana neman yiwuwar dukansu su fito ja. An yi 5/8 × 5/8 aka samu 25/64, wanda sai in ana mayarwa yake zama daidai. Tunda ba a mayar ba, bayan zaro ta farko jajaye sun koma 4, jimilla ta koma 7: 5/8 × 4/7 = 20/56 = 5/14. Wanda ya zaɓi C, 5/16, ya rage na sama ya manta na ƙasa.

Lamba 34 harafinta bai canza ba, C ne, amma ku gyara takardar tambayar. An buga 2x + 3y = 13, alhali 12 ce a ainihin rubutun Malam. Da x − y = 1, idan aka yi da 12 za a samu x = 3, y = 2. Idan aka yi da 13 kuwa x = 3.2 zai fito, wanda babu shi a zaɓin. Malam ya ce kowa ya ba kansa makin wannan, ko me ya zaɓa, ko da ma ya bar ta babu amsa.

Lamba 12 mutum huɗu suka kawo ƙorafi a kanta, amma D ɗin da aka turo daidai ne. 5 − 2x > 11 yana ba da −2x > 6, kuma idan aka raba da lamba mai alamar ɗebewa dole bakin alamar ya juya, sai a samu x < −3. Mai shakka ya gwada x = −4: 5 + 8 = 13, ya fi 11. Ya gwada x = 0: ya samu 5, bai kai ba.

Ga cikakken jerin da aka gyara, shi kaɗai za a riƙa amfani da shi:

1 B, 2 D, 3 A, 4 C, 5 C
6 B, 7 A, 8 D, 9 B, 10 A
11 C, 12 D, 13 A, 14 B, 15 D
16 A, 17 C, 18 A, 19 D, 20 D
21 B, 22 A, 23 C, 24 B, 25 D
26 A, 27 C, 28 B, 29 D, 30 A
31 C, 32 B, 33 A, 34 C, 35 D
36 B, 37 A, 38 D, 39 C, 40 B

Wanda zai kwafa ya kwafa da lambobin, kada ya jera haruffa zalla. Wanda kuma zai karanta wa wani ta waya ya riƙa cewa B ta Bauchi, D ta Daura, don a kunne su biyun ba sa rabuwa.

Kowa ya ɗauko takardar amsarsa ta farko, wadda ya yi kafin ya ga jerin Talata, ya sake makawa daga 1 har 40. Makin wasu zai hau, na wasu zai sauka, kuma wanda aka sake makawa shi Malam yake so, ba tsohon ba. A rubuta sabon makin a saman takardar, a ƙasansa a jera lambobin da aka faɗi, a kawo min kafin tashi ranar Alhamis. Daga lambobin da suka fi kayar da mutane zai zaɓi abin da za a yi bita a kai ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe, saboda haka kada kowa ya ƙawata makinsa.

Don Allah waɗanda ke zaune kusa da 'yan'uwanmu marasa waya su isar musu da wannan gobe da safe kafin a shiga aji. Zan kuma manna kwafi ɗaya a gefen allo. Idan kun tura wa 'yan ɗaya ajin tsohon jerin, ku tura musu wannan ma. Wanda har yanzu yake ganin wani harafi bai yi masa ba, ya turo min lambar tambayar tare da hoton aikinsa layi-layi kafin ƙarfe 9 na daren gobe, in haɗa in kai wa Malam gaba ɗaya.

Na gode. Allah ya ba mu sa'a.

Wakilin aji