Albasar Maris, kuɗin Disamba: jawabin minti biyu ga masu zuba jari

(Albasa ɗaya a hannun dama, ƙaramar kwalbar gari a hagu. Agogo zai fara daga sallama.)

Assalamu alaikum. Iyayena Alhazai da Hajiyoyi, Allah ya ƙara muku lafiya.

Wannan albasa daga fadamar Wurno ta fito. A watan Maris na sayi buhunta naira 30,000. Kafin Disamba buhun ya haura 120,000. Mahaifina ya fi shekara talatin yana nomanta, bai taɓa cin kuɗin Disamba ba. In ya sayar lokacin cira, ya sayar da arha. In ya zuba a rudu ya jira tsada, ruɓa ta riga shi.

(A ɗaga kwalbar.)

Wannan ma albasar ce. Mun ɓare, mun yanka, mun busar, mun niƙa. Shekara guda tana ajiye, ƙamshinta na nan.

Masana'antarmu tana kan hanyar Kware, shekararta biyu. Mu tara ne, bakwai mata. Da na'urar busarwa biyu masu aiki da zafin rana muke aiki. Buhu ɗaya yana ba mu kilo 9. Kowane kilo yana cin mana naira 5,200, muna sayar da shi 8,000.

Masu saye su ne masu haɗa yaji, masu kilishi da gidajen abinci, nan Sakkwato, da Kano, da Abuja. Bara sun nemi kilo 7,500. Kilo 4,000 muka iya ba su. Mun yi cinikin naira miliyan 32, ribar miliyan 5 ta rage bayan an cire komai. Sauran masu sayen haƙuri muka ba su, da kuɗinsu a hannu.

Abin da ya kawo ni gabanku naira miliyan 18 ne. Miliyan 7 na ƙarin na'ura biyu. Miliyan 8 na sayen albasa lokacin da take arha. Miliyan 3 na injin liƙe leda da gyaran ɗakin ajiya. Da wannan za mu kai kilo 8,000 a shekara.

Ba bashi na zo nema ba, kuma babu kuɗin ruwa a ciki. Haɗin gwiwa ne: kashi 35 cikin ɗari na kamfanin naku ne, riba tare, asara tare. A lissafinmu, cikin shekara huɗu jarinku ya dawo, kasonku kuma yana nan.

Ana fara cirar albasa a Fabrairu. In kuɗin ya shigo kafin nan, kakar bana tamu ce. In ya wuce, sai baɗi.

Ga kwalbar, a buɗe a shinshina. Na gode, Allah ya saka da alheri.

(Nan minti biyu suka cika. A miƙa kwalbar ga wanda ya fi kusa, a tsaya a jira tambaya.)

Amsoshin da aka tanada

In an ce: ai mutanenmu ɗanyar albasa suka sani, wa zai ci gari?

Ranka ya daɗe, gaskiya ne, uwar gida da ke soya miya ɗanya za ta yanka, ni ma haka nake yi a gidana. Amma busasshiyar albasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun muna yara muke ganin ana daka ganyenta a dunƙula a shanya, a yi gabu a ajiye don miya. Mu kuwa kan albasar muka kama, muka yi shi da tsabta. Kuma babban mai sayenmu shi ne wanda ɗanyar ba ta yi masa aiki ko kaɗan. Mai haɗa yaji ba zai zuba abu mai ruwa cikin ƙuli da barkono ba, kwana kaɗan yajin zai lalace. Mai gidan abinci a Abuja kuma yana son ya san nawa albasa za ta ci masa a Nuwamba tun yana cikin Mayu. Da mu yana iya sani.

In an ce: me zai hana wani ya buɗe irinta gobe?

Babu abin da zai hana, Alhaji, na'urar ba sirri ba ce. A nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan busar da amfanin gona da hasken rana. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne hannu. Albasa kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne, kuma ba ta yarda da gaggawa. In zafi ya wuce digiri 60 sai ta yi ja, ta yi ɗaci, ƙamshin ya gudu. In bai kai ba, ta kwana da laima ta yi tsami. Kaurin yanka ma sai ya zo ɗaya, in ba haka ba wani ya ƙone wani bai bushe ba. Shugabar ma'aikatanmu, da ta ɗauki yanki ɗaya ta karya kusa da kunnenta, daga ƙarar da ya yi take sanin ya isa ko a ƙara masa awa biyu. Ma'aunin laima yana rataye a bango, muna duba shi, amma ban taɓa ganin ya saɓa mata ba. Shekara biyu muka yi kafin mu kai nan.

Sai kuma manoma. Mutum 40 ne muke saye a wurinsu, a Wurno da Goronyo da Kware, yawancinsu sun san mahaifina. A bakin gona muke aunawa, a ranar muke biya. Wani dattijo a Goronyo, ranar da na fara ƙirga masa kuɗinsa albasar ba ta ma hau mota ba, ya riƙe su ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Ɗiyata, baɗi ma ki zo.” Na koma, kuma ya ajiye mini mafi kyau.

In an ce: kun taɓa asara?

Mun yi, Hajiya, kuma gara ku ji daga bakina. Daminarmu ta farko, a watan Agusta, na buɗe ɗakin ajiya na tarar kilo 120 na gari ya dunƙule ya zama kamar dutse. Garin albasa yana jan laimar iska, mu kuma a leda mara kauri muka ɗaure shi da hannu. Kusan naira miliyan ɗaya ta tafi. Na zauna a bakin ƙofar nan na yi kuka, don kuɗin ɗinkin da na tara ne da na adashe. Daga nan muka canza: yanzu yankakkiya muke ajiyewa a cikin durom mai murfi, sai oda ta zo mu niƙa, mu zuba a leda mai kauri. Bara ko kilo ɗaya bai dunƙule ba. Injin liƙe ledar da na ambata, wannan darasin ne ya sa shi cikin lissafi.

In an ce: rana ce jarinku, to in hadari ya rufe ta fa?

Aikinmu daga Fabrairu ne zuwa Yuni, lokacin da albasa ta fi yawa kuma ranar Sakkwato ta fi ƙarfi. Kowa a ɗakin nan ya san zafin Afrilu, ya wuce digiri 40. Abin da mutane ke gudu, shi ke yi mana aiki kyauta. Na'urorin a rufe suke, ƙura da ƙuda ba sa shiga. Sababbin biyun za su zo da murhun gas na ko-ta-kwana, saboda dare da ranakun hazo. Wutar lantarki injin niƙa kawai take juyawa, shi ma awa uku a rana ya ishe shi.

In an ce: in albasa ta yi tsada tun daga gona fa?

Tana faruwa. Shekarar da ruwa ya yi ɓarna a fadamun Rima, ko cuta ta kama shuka, ko motocin kudu suka yi yawa a kasuwa, buhu yana tashi tun Maris. Mun yi lissafin: ko buhu ya kai naira 45,000, kilo zai tsaya mana ƙasa da 7,000, akwai sauran riba ko ba mu taɓa farashi ba. In ya wuce haka, sai mu rage albasa mu ƙara tafarnuwa. Ƙasar nan tana ba da ita, na'ura ɗaya ce ke busar da su, kuma masu yajin da ke sayen wannan su ne ke tambayarmu waccan. Mun gwada kilo 200 bara, kafin sati uku ta ƙare.

In an ce: takardu fa?

Kamfanin yana da rajista da CAC, garin albasar yana da lambar NAFDAC. Na tafarnuwa mun shigar, muna jira. Littafin shiga da fita na wata 24 da bayanan asusun banki suna cikin jakar nan, duk mai so ya tafi da kwafi ya ba akawunsa.

In an ce: yaya za mu san inda kuɗinmu yake, kuma in muna son fita fa?

Kuɗin ba a hannuna zai zauna ba. Asusun kamfani zai shiga, kuma duk abin da ya haura naira 500,000 sai da sa hannu biyu, nawa da na wakilinku. Kowane wata uku za ku samu rahoto, shafi biyu: buhu nawa muka saya, kilo nawa muka sayar, wa ke binmu, wa muke bi. Riba ana raba ta sau ɗaya a shekara, a watan Janairu, kafin a shiga sabuwar kaka. In mun kai kilo 8,000, muna sa ran ribar miliyan 13, naku a ciki ya ɗan haura miliyan huɗu da rabi. Wannan hasashe ne, ba zan rantse a kansa ba. Na bara kuwa a rubuce yake. Bayan shekara uku, wanda ya so fita, ni ce farkon wadda za a yi wa tayin kasonsa, a farashin da mai ƙima na waje ya yanke. Duk wannan za a rubuta shi a gaban lauya da shaidu kafin kobo ya motsa.

In an ce: sai mun yi shawara.

Madalla, Alhaji, hakan ya dace. Alfarma ɗaya nake roƙo: kafin ku yanke, ku zo ku gani. Daga nan zuwa wurinmu bai kai rabin awa ba a mota. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za mu kunna injin niƙa, akwai odar kilo 150 da za ta tafi Kano. Ku zo da wanda kuka amince da shi a harkar lissafi, littattafan suna kan tebur. Wa zan rubuta sunansa?