Aski Ya Kammala, Saura Hoto

Shekara 14 ke nan ina riƙe da kilifa a shagona da ke Fagge, kafin nan kuma ni nake ɗaukar wa mahaifina zabira idan zai fita aski. A duk shekara babu lokacin da shago yake cika kamar yammacin Babbar Sallah da washegari. Masu layya da yawa, da zarar watan Zulhijja ya kama, ba sa taɓa suma ko farce sai an yanka, kamar yadda ya zo a hadisi. To, sai ka ga mutum ya shigo da sumar kwana goma a kan wadda dama ta taru, rigarsa tana ƙamshin hayaƙin suya. Ana gamawa zai ɗaga waya ya ɗauki kansa, ya juyo ya ce, "Maigida, me zan rubuta a ƙasa?" Ina son wannan tambayar ƙwarai, domin a lokacin ne mutum yake dariya da zuciya ɗaya. Ga kalaman bana. Wasu ni na tsara, wasu masu kan ne suka faɗa a kan kujera, kuma duk sun yarda kowa ya ɗauka ya sa a ƙarƙashin hotonsa.

Masu ƙwal-kwabo su suka fi yawa, da su zan fara.

"Na ce a rage kaɗan. Hira ta yi daɗi, ga inda muka kwana. Barka da Sallah daga ni da ƙeyata."

"Ni da kan ragon layya rana ɗaya aka yi mana babbaka. Shi yana tukunya, ni ina hoto. Alhamdulillahi da nawa rabon."

"Ashe haka kunnuwana suke! Shekara uku suna zaman kulle a cikin suma, yau sun fito yawon Sallah. Wanda ya gamu da su ya ba su goro."

"Duk mai neman madubi kada ya wahalar da kansa, ina nan ƙofar gida har magariba."

"Jiya hular nan tana matse ni, yau ta zarce har gira. Ba hular ce ta ƙaru ba, ashe rabin girman kaina suma ce."

Wani matashi da ya san abin da yake jiransa a gidan kakarsa ya ce in rubuta masa sanarwa, ba kalma ɗaya ba:

"Sanarwa ga taubasaina na wajen uwa da na wajen uba: na yi sabon aski, na kuma san kun gani. Ranƙwashi ɗaya kowa yake da shi, a bi layi, manya su fara. Ke kuma Kaka, kin ce ba za ki zauna da miji mai kai kamar ƙwarya ba. To ga ƙwaryar ta zo, a zuba mata fura."

An ɗauke wuta ina tsakiyar aikin wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, kafin yaron shago ya tayar da janareta shi har ya ɗauki hoto, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji:

"Dama ta yi Sallah, hagu tana jiran ganin wata."

Sai masu sanƙo. A nan zan ɗan daɗe, domin su ne mutanen da suka fi zama a raina. Na sha ganin magidanci yana tattaro 'yar sumar gefe yana shimfiɗa ta a tsakiya, ko ya kwana da hula ya tashi da hula, a wannan zafin na Kano. Yawancin sanƙo gado ne, kuma ban taɓa ɓoye wa wanda ya tambaye ni ba cewa man da ake talla a bakin kasuwa ban ga ya dawo wa kowa da gashi ba. Ranar da mutum ya ce mini "kwashe duka", ina ganin yadda kafaɗarsa take sauka. Wani malamin makaranta da ya shekara shida yana zuwa saisaye, bana ya yanke shawara, ga abin da ya rubuta da hannunsa:

"Ni da sumata mun daɗe muna shari'a. Ta fara janyewa daga goshi tun ina shekara 28, ina bin ta da mai, ina bin ta da addu'a, ina bin ta da mataji. Kowace damina sai ta ƙara matsawa baya kamar bakin kogi. Yau na sallami sauran da suka rage, na gode musu da zaman amana. An ce sanƙo alamar arziki ce. To alama ta iso lafiya, muna sauraron mai ita."

Na wani direban tirela ya fi guntu:

"Goshina ya sayi fili har ƙeya, ba dillali, ba takarda."

Wani kuma da ya zo tare da ɗansa:

"Babana yana da shi, kakana yana da shi. Wasu gona suka gada, wasu gida. Ni ga nawa, kuma ba mai ƙara ta a kotu. Yaro, dubi da kyau, naka yana hanya."

Masu furfura da suka daina shafa baƙi su ma sun samu nasu. Ni dai a ganina furfurar da aka gyara ta fi baƙin da yake zuba a wuyan riga kyau nesa ba kusa ba, kuma ina faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerata.

"Na daina rini. Daga yau duk wanda ya kira ni Yaya a cikin Adaidaita Sahu na gode, wanda ya ce Baba kuma ya biya mini kuɗin mota."

"Uwargida ta ce auduga ta nuna a kaina. Na ce to a kira masu awo."

Gemu kuwa rigimarsa daban ce. Akwai wanda nasa yake cika fuska cikin mako biyu, akwai wanda ya shekara yana kiwo bai wuce a ƙirga ba. Wani ɗalibin jami'a ya zo a yi masa gyaran fuska, na tambaye shi me za a gyara, muka yi dariya tare, sannan ya rubuta:

"Gemuna guda 11 ne, na ƙirga a gaban shaidu. An yi musu gyaran Sallah, kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Masu cewa akuya ta fi ni, ai ta riga ni farawa ne."

Abokinsa, wanda reza ta zame masa a gida har ya zo na daidaita sauran:

"An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jama'a, ga nawa, ku nemi buta."

Wani ango da aka ɗaura wa aure kwana uku bayan Sallah:

"Na ce wa mai aski ya mayar da ni saurayi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Amarya, wannan ne iya ƙoƙarin nasa, a karɓa da haƙuri."

Daga Mina ma an aiko mini. Wani abokin cinikina da ya sauke farali bana ya turo hotonsa ranar 10 ga wata, bayan jifa, kai tas. Ya zaɓi askewa gaba ɗaya maimakon saisaye, saboda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa masu askewa addu'a sau uku kafin ya haɗa da masu ragewa. Wannan hoton ya faranta mini rai fiye da duk na bana. Ga abin da ya sa a ƙasa:

"A gida ina zaɓen mai aski kamar mai zaɓen suruki. A nan na miƙa kai ga wanda ban san sunansa ba, minti biyu ya gama da ni. Ban taɓa muni irin na yau ba, ban kuma taɓa farin ciki irin na yau ba. Allah Ya karɓa, Ya kira na baya."

Wata Hajiya 'yar unguwarmu da ta je bara, ta ce kada a bar ta a baya:

"Tun da na sa haƙorin Makka ban rufe baki ba. Ko labarin bai da ban dariya, ni dai zan yi."

Ƙanwata tana kitso a cikin gida, ta ce in ba a sa na mata ba, ba ni ba naman Sallarta. Ga waɗanda ta tattaro daga masu zuwa wurinta:

"Shuku ne, ƙanana, awa huɗu a zaune. Yana ƙarƙashin ɗankwali, ba za ku gani ba, sai dai ku yarda da ni. Shaidata ita ce girar nan da ta ɗage sama ta ƙi saukowa."

"Kada a ba ni dariya sai jibi, kitson bai saki ba."

"Na yi tsifa, na wanke, mai kitso ta ce sai gobe. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yau, abin da ya gani shi ya jawo."

"Lalle ya kama, hannu ya yi kyau. Wanke-wanken Sallah kuma ya ce yana gaishe ni."

Akwai wadda ba kai ta canza ba, tabarau likita ya ba ta:

"Yau na fara ganin fuskata sosai. Ku da kuka daɗe kuna gani kuka yi shiru, Allah Ya saka muku da alheri."

Ranar uku ga Sallah aka kira ni suna a Kurna. Askin jariri na kwana bakwai da aska nake yinsa, yadda mahaifina ya koya mini, hannu a sake, ruwa mai ɗumi a kusa. Uban yaron ya ɗauki hoton kansa da na ɗan a jere, dama shi ma ranar Sallah na kwashe masa tasa sumar:

"Masu tambaya wa ya ɗebo, ga amsa. Kai ɗaya, kunne ɗaya, shi dai ya fi ni kuka a hannun wanzami, amma da kaɗan."

Na ƙarshe na wani dattijo ne da ya haura 80, tsohon abokin cinikin mahaifina. Ba ya yarda kilifa ta taɓa shi, sai aska da sabulu, a kan tabarma a zaurensa, kuma duk Sallah ni nake zuwa da kaina. Ba shi da waya. Jikarsa ce ta ɗauke shi hoto, ta durƙusa ta ce, "Angona, me za a rubuta?" Ya shafa kan, ya sa hularsa, ya sake cirewa, ya ce ta rubuta:

"Gashi bakwai aka tarar, an aske bakwai, an biya kuɗin cikakken kai. Amarya ta ce na yi kyau. Barkanmu da Sallah."