Sanarwar Sabon Farashin Buhu Ga Tsofaffin Abokan Cinikinmu

Sharaɗa, Kano
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, kai da ma'aikata baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Mun ga bai dace ka fara ganin wannan magana a jikin takardar kuɗi ba, shi ya sa muka rubuto tun da wuri. Daga ranar 1 ga Disamba, 2024, buhun shinkafa mai cin kilo 50, wanda muke buga wa tambarinku, zai tashi daga naira 280 zuwa naira 320. Mai cin kilo 25 kuma daga 190 zuwa 215.

Babban dalili shi ne ƙwayar robar da muke narkawa mu saƙa buhun. Farashinta dala yake bi, ko a nan gida aka saye ta. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023, yau ta haura 1,500. Sai wuta: tun watan Afrilun bana da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗi, abin da muke biya kusan naira 68 kan kowane yunit ya koma sama da 200. Injin narka roba kuwa ba a kashe shi a tsakiyar aiki, don robar daskarewa take yi a ciki, saboda haka da an ɗauke wuta sai janareto da man dizal. Ga kuma mafi ƙarancin albashi da ya koma naira 70,000 a watan Yuli, wanda mu ma muka ga hakkin ma'aikata ne.

Akwai hanyar da za mu iya barin farashi yadda yake, wato mu rage kaurin zare mu ƙara hoda a cikin robar. Mun zauna a kai, mun ƙi. Ka fi mu sanin abin da ke faruwa idan buhu ya fashe a hannun 'yan dako, shinkafa ta watse a bayan tirela, da sunan kamfaninku a jiki.

Saboda daɗewar da muka yi tare, duk odar da ta shigo kafin 15 ga Nuwamba za mu yi ta a tsohon farashi, ko da sai a Janairu za a ɗauka. Mun san kakar shanshera ta kama, buhu zai yi muku tafiya. Wa'adin biya na kwana 30 yana nan, kuma sabon farashin ba zai motsa ba har ƙarshen Mayun 2025.

Idan da hali, zan so in zo ofis da kaina cikin makon nan mu duba lissafin tare. A sanar da ni ranar da ta fi maka sauƙi.

Na gode ƙwarai. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
Manajan Ciniki