Wasiƙar neman ƙarin lokaci kan kwangilar tebura da bencinan ɗalibai

Litinin, 18 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makaranta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali da malamai baki ɗaya, na rubuto ne game da kwangilar da muka sa wa hannu ranar 7 ga Yuli, ta haɗa tebura 120 masu haɗe da benci, kowanne na zaman ɗalibai biyu. Mun yi da ke cewa zan kawo su duka ranar Juma'a 29 ga Agusta. Ranki ya daɗe, guda 70 ne za su samu a wannan rana. Sauran 50 ɗin ina roƙon ki ƙara mini mako uku, in kawo su ranar Juma'a 19 ga Satumba, 2025. Na ga gara in sanar da ke tun yanzu da sauran kwanaki, ki samu damar tsara azuzuwanki, da a ce sai ranar ta zo ki ga mota ta shigo da kaya ba cikakku ba.

Babban dalilin shi ne katako. Kashi biyu muka yi odarsa. Na farko ya zo a bushe, da muka ɗora masa na'urar gwajin danshi ta nuna kashi 12 cikin ɗari, wanda shi ne daidai ga kayan da za su zauna cikin ɗaki. Da shi muka yi guda 70 ɗin nan. Kashi na biyu ya iso ranar 4 ga Agusta, tun wajen saukewa yarana suka ce falankan sun yi nauyi. Muka gwada, na'ura ta nuna 24 zuwa 26. Na sa aka yanka ɗaya a tsakiya, cikinsa sanyi ƙalau, garin da zarto ya fitar kuwa dunƙulewa yake a tafin hannu maimakon ya watse. Ɗanye ne, an dai bar bayansa ya sha iska ya yi kama da busasshe.

Ina so in ɗan tsaya a nan, domin na san za ki iya cewa ai katako katako ne, a buga kawai a kawo. Katako idan yana bushewa tsukewa yake yi, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Falanki mai faɗin santimita 30 da aka yi aiki da shi da irin wannan danshi zai iya raguwa da rabin santimita ko fiye kafin ya gama bushewa. A saman tebur falankai biyu muke haɗawa da gam, sannan mu ɗaure su a jikin ƙarfe da noti. Ƙarfen ba ya motsi, katakon kuma yana ja, to dole ɗaya ya faru: ko mahaɗar ta buɗe har biro ya riƙa faɗawa ciki, ko falankin ya tsage daga wajen notin, ko saman ya bankare yaro ya kasa shimfiɗa littafi. Yanzu da damina ba za ki ga komai ba, teburan za su zo suna sheƙi. Sai iskar rani ta kaɗa abin zai bayyana, lokacin an riga an biya ni na tafi. Ba zan iya karɓar kuɗinki a kan kayan da na san ba za su yi shekara ba, kuma yara ne za su zauna a kai, tsagaggen katako yana yankar hannu yana yaga riga.

Na nemi wanda ya kawo mana ya canza, ya ce busasshe irin wannan kauri ya ƙare a wajensa. Na zagaya wasu wuraren, abin da na samu ko dai ɗanye ne shi ma, ko kuma wani iri ne mai taushi wanda ba shi muka rubuta a yarjejeniya ba. Shanya shi a inuwa cikin wannan ruwa da ake yi zai ɗauki watanni. Saboda haka na kai shi wurin masu ɗakin busar da katako, muka jira layi, ya shiga ranar 14 ga Agusta, kuma sun ba ni 1 ga Satumba a matsayin ranar fitowarsa. Ba a iya hanzarta shi, in aka ƙara zafi fiye da kima sai ya fashe tun a ɗakin. Kuɗin busarwar ni na ɗauka, ba zan ƙara miki komai a kan abin da muka yi ciniki ba.

Dalili na biyu ƙarami ne. Za ki tuna ranar 21 ga Yuli da kika zo duba samfuri, kika ce a ƙara wurin ajiye littattafai a ƙarƙashin kowane tebur, a kuma kashe kaifin kusurwoyi. Shawara ce mai kyau, na kuma yi murna da ita, amma ta sa masu walda suka sake komawa kan ƙafafun da aka riga aka haɗa, abin da ya cinye ɗan rarar lokacin da na ware saboda irin wannan rana.

Ga yadda sauran aikin zai tafi. Ƙarafan guda 50 ɗin an gama waldarsu, an yi musu fenti, suna jingine suna jira. Katako in ya fito ranar 1 ga Satumba za mu bar shi ya huce kwana uku, mu sake gwada shi, sannan yanka da gogewa da haɗawa su ɗauke mu zuwa 12 ga wata. Daga nan sai folish, shafi uku, kowanne sai ya kwana ya bushe an bi shi da sanfefa kafin a ɗora na gaba. Ranar 18 zan bi su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, 19 mu kawo mu jera a azuzuwa. Na saka kwana biyu na ko-ta-kwana a cikin lissafin, domin ba na son in sake dawo miki da wata wasiƙa irin wannan.

Na san ɗalibai za su dawo ranar Litinin 8 ga Satumba, wato akwai mako biyu da yara 100 ba su da sabon wurin zama. Lokacin da na zo awon azuzuwa na ga tsofaffin tebura tare a ɗakin ajiya, yawancinsu ƙafa ce ta saki ko ƙusa ta fita. In kin amince, zan turo mutum biyu ranar 1 da 2 ga Satumba su gyara waɗanda za su gyaru, kyauta, a yi maneji da su kafin sababbin su iso. Guda 70 na farko kuma ki faɗa mini azuzuwan da kike so a fara sakawa; a ganina ƙananan yara su suka fi buƙata, amma ke kika san makarantarki.

Yarjejeniyarmu ta tanadi tara idan aka yi jinkiri. Ina roƙon ki ɗage mini ita zuwa sabuwar ranar. Idan 19 ga Satumba ta wuce ban cika ba, a cire tarar kamar yadda aka rubuta, ba zan yi gardama ba. Alƙawari kaya ne, na kuma san nauyin wanda na ɗauka.

Ƙofar wurin aikinmu a buɗe take, ki zo ko ki aiko wakili kowace rana ya ga guda 70 ɗin da ƙarafan da ke jira. Na haɗo da hoton abin da na'urar gwaji ta nuna da takardar masu busarwa. In kin yarda da sabuwar ranar, don Allah ki ba ni amsa a rubuce kafin Juma'a 22 ga Agusta, mu liƙa ta a jikin yarjejeniyar.

Na gode da haƙuri da kuma amanar da kika ba ni. Allah Ya ƙara wa makaranta albarka.

Wassalam.

Naki,
Shugaban kafintoci, mai riƙe da kwangilar