Zuwa ga Hafsatu, Ranar da Kika Kammala Jami'a

Assalamu alaikum ƙanwata, taubashiyata.

Alhamdulillahi. Barka, barka, barka da arziki. Allah Ya sanya albarka a wannan digiri, Ya sa ki ci moriyarsa, Ya sa ya amfane ki duniya da lahira.

Katin nan ya yi wa bakina kaɗan, shi ya sa na ninke takarda na sa a ciki. Kin san halin da nake ciki, likita ta hana ni doguwar tafiya sai na sauka lafiya, don haka ba za ki ga fuskata a Samaru yau ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Tun ranar da kika fara zuwa Zariya nake ɗinka kayan wannan rana a zuciyata, har kalar atamfar da zan sa na zaɓa. To, Allah bai nufa ba. Kawunki zai miƙa miki jakar nan hannu da hannu, ni kuma ki ɗauka ina tsaye a bayan Gwaggo ina rangaɗa guɗa.

Hafsatu, an ce miki karatun shekara 5 ne, ya zo ya ci kusan 7. A watan Maris na 2020 korona ta rufe makarantu, ga yajin aikin malamai a kai, kika dawo Funtuwa da akwatinki kika zauna har shekara ta ƙare. An koma, kin fara kama hanya, sai kuma na 2022 ya faɗo, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A wannan zaman ne na fi jin tsoro. Ƙawayenki biyu suka haƙura, mutane suka fara zuwa wa Gwaggo da magana, wai 'ya mace ce, shekaru na tafiya, kuma ma noma ne fa take karantawa, noman da kowa ya gada a gida. Na zo hutun Babbar Sallah a shekarar, na same ki a zaure da rana tsaka kin baza takardunki a kan tabarma kina bita, alhali babu wanda ya san ranar komawa. Na tambaye ki jarrabawar me kike wa shiri. Kika ce, "Yaya, ina tsoron kada ya bushe mini a kai ne." Ban ce komai ba a lokacin, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye. Daga ranar hankalina ya kwanta, na san sai kin ga ƙarshensa.

Yau kafin ki ɗauki hoto da kowa, ki nemi Gwaggo ki rungume ta. Kin san abin da ta yi, amma akwai wanda ba ki sani ba, kuma ta yarje mini in faɗa miki yanzu da komai ya wuce. Kuɗin rajistarki na aji uku ba adashi ta ɗauka ba kamar yadda ta ce miki. Tunkiyarta ta sayar, mai jan kunnen nan da take ji da ita, tare da ɗanta. Ta hana kowa ya sanar da ke don kada hankalinki ya rabu biyu. Sauran shekarun kuma kin gani da idonki: tashin asuba, jiƙa waken suya, kai niƙa, tata, suyar awara a bakin ƙofa har bayan isha'i, hayaƙi yana cin idonta. Tun rasuwar Baba Malam, Allah Ya jiƙansa da rahama, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Shi ma da yana raye, na san yau da farar babbar rigarsa ta Juma'a zai zo, ya zauna a can baya yana murmushi ba ya cewa komai, yadda ya saba.

To, ga abin da ke cikin jakar.

Akwai agogon hannu, daga ni da mai gidana. Ba mai tsada ba ne, amma ruwa ba ya shiga cikinsa, don na san aikinki ba na zaman ofis kaɗai ba ne. Akwai kuma littafin rubutu mai bangon fata, na aika aka yi miki shi takanas wajen dukawa a cikin birni, an buga sunanki a jiki. Na bar shafukansa fari fat, ke za ki cika su.

Na ukun shi ne ainihin kyautar, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Ƙullin nan na farin ƙyalle, ki buɗe shi a hankali. Irin dawa ce, kaura, daga rumbun Hajiya Kaka. Da na gaya mata a waya cewa ina haɗa miki kaya, sai ta ce in dakata. Bayan kwana uku direban mota ya kawo mini wannan ƙulli har Kano. Ta ce irin da marigayi Kakanmu ya bari ne, ba a taɓa barin ya yanke ba. Kin tuna yadda take yi in kaka ta yi? Kafin a fara yanka sai ta shiga gonar da kanta, ta bi kunya-kunya tana duba zangarniya, ta ɗaga wannan ta auna nauyinta a tafin hannu, ta murza ƙwaya biyu ta sa a haƙori. Wadda ta yi mata, ita ake warewa a ɗaure daban, a rataye a madafa inda hayaƙi zai riƙa dukanta don ƙwari su nisance ta. Mu muna yara muna biye da ita muna ɓallar kara muna sha, ba mu san darasi ake ba mu ba. Ga saƙonta kamar yadda ta faɗa: "Ki ce wa takwarata, ta je ta karanto a littafi, to ga na gida, ta haɗa su ta gani."

Ni ma abin da nake so in ce miki ke nan, shi ya sa na zaɓi in rubuta maimakon in faɗa a waya ya bi iska. Inda kika yi karatu ba ƙaramin wuri ba ne. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara 40 kafin Sardauna ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Iri nawa ne suka fito daga nan, na masara, na dawa, na gyaɗa, na auduga, na wake? Ke kika koya mini cewa duk irin da na ga sunansa ya fara da SAM, daga Samaru ya fito, har waken nan SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya masa. Amma daga Samaru zuwa gonarmu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce, a bi ta Shika da Giwa, kuma har kwanan baya abin da aka sani a can bai iso nan ba, don babu mai ɗauko shi ya faɗa wa mutanenmu da harshen da suke ji. Yanzu muna da ke.

Kuma kin riga kin fara. Ba zan manta da shekarar da kike aji huɗu ba, lokacin aikin gona, da kika dawo hutu kin yi baƙi, tafin hannunki ya yi kanta. Kika bi Kawunki gona, kika tsuguna kika tumɓuke wuta-wuta guda, kika nuna masa yadda saiwarta ta manne a saiwar dawa tana tsotse ta tun kafin ta leƙo sama. Kika ce masa 'ya'yanta suna iya kwana shekaru a ƙasa suna jiran dawa, don haka a cire ta kafin ta yi fure, a kuma huta da dawa a wannan ɓangaren a sa waken suya ko gyaɗa, su yaudare ta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Kawun naki, wato Babana, mutum ne da ba ya saurin karɓar magana a kan gonarsa, kin sani. Ya yi shiru, ya gyara hula. Da damina ta zo ya yi yadda kika ce. Yanzu in ya zauna a majalisa, "'yata ta Samaru ta ce" ba ya fita daga bakinsa. Haka ma buhun nan mai ninki uku da kika kawo wa Gwaggo, wake ya kai har bazara babu ƙwaro, ba a zuba masa ko ɗigon magani ba. Matan unguwa uku sun saya saboda ita.

Abin da ya burge ni a ranar, ba ki ce wa Baba ya yi kuskure ba. Kin fara tambayarsa yadda yake yi, kika saurara har ya gama. Ki riƙe wannan hali, Hafsatu. Za ki haɗu da manoma da suka shekara 50 suna karanta gajimare da ƙasa, wasunsu ba za su so jin magana daga bakin yarinya mai takarda ba. Ki gaishe su da ladabi, ki tsuguna, ki nuna musu a kunya guda, amfanin gonar zai ƙarasa miki bayani. Kuma don Allah kada ki manta da mata. Su ne ke riƙe da iri, su ke sussuka da casa da adana, amma da wuya malamin gona ya iya shiga cikin gida ya same su. Ke za ki iya yin sallama ki shiga har tsakar gida.

Na san bautar ƙasa ce a gabanki, kuma ba mu san jihar da za a tura ki ba. Gwaggo tana fargaba, ni kuma na ce mata ta kwantar da hankalinta. Sati uku ne a sansani, sauran kuma shekara ce kamar kowace. Duk inda kika sauka ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki nemi mutanen kirki, ki duba abin da suke shukawa da yadda suke yi, ki rubuta a littafin nan. Maganar aiki bayan nan, kada ta hana ki barci tun yanzu. Na ga yadda wasu ke shan wahalar nema, ba zan ɓoye miki ba. Amma Kawunki ya ce gonar bakin rafi tana nan, in kina son gwada wani abu da rani ya ba ki rabinta, mai gidana kuma ya yi alkawarin taimakawa da injin ban-ruwa. Ba muna ɗaure ki ba ne. In Allah Ya buɗa miki wata hanya, ko ƙarin karatu, ki bi, mu masu rakiya ne da addu'a.

Irin nan dai ki adana shi inda babu laima. Hajiya Kaka ta ce kada ki shuka duka, ki raba biyu ki ajiye rabi, haka ake yi.

Ki sa a ɗauke ki hoto da rigar da hular, ke da Gwaggo da Kawu, ki turo mini yau ɗin nan kafin magariba. Su Ummi da Abba suna gaishe ki, Ummi ta ce ita ma Zariya za ta je. In na sauka lafiya, ke nake so ki fara zuwa, ki zo mini da hular in gan ta da idona.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki abokin zama nagari a lokacin da ya fi alheri, Ya saka wa Gwaggo da Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Yaya Bilki
Kano