Gahawa mai sanyi da ake tacewa da zafinta a kan ƙanƙara

Ƙanwata, ga tsarin da kika ce in rubuta miki, na tambulan biyu. Abin da ya ɓata wadda kika yi jiya ƙanƙara ce da ba ki sa a lissafi ba. Kin haɗa gahawarki kamar kullum, gari giram 30 da ruwan zafi giram 500, sannan kika juye ta a kan ƙanƙarar da ta kai giram 200. Ƙanƙara kuwa ruwa ce. Da ta narke, garin da aka auna wa ruwa 500 sai ya tashi da 700 a kansa, wato kowane giram na gari ya ɗauki ruwa wajen giram 23 maimakon 16 ko 17. Dole ta fito tsararo, ba ƙamshi ba ɗanɗano.

Gyaran shi ne ki cire nauyin ƙanƙarar daga ruwan tun kafin ki ɗora buta. Wannan hanya ita ake dangantawa da Japan, kuma ta bambanta da jiƙa gari a ruwan sanyi na awa 12 zuwa 24. A nan ruwan zafi ne ke fitar da ƙamshi da ɗan tsamin nan mai daɗi, ƙanƙara kuma ta kama su nan take kafin su bi iska. Cikin minti biyar kin gama.

Abin da za ki tanada:
Garin gahawa giram 32
Ruwan zafi giram 300
Ƙanƙara giram 200 ta cikin mazubi
Wata ƙanƙarar dabam ta tambulan
Mazurarin tacewa da takardarsa, sikeli, da mazubin da ke jure zafi

Jimillar ruwa 500 ke nan, kashi 60 cikin ɗari na zafi, kashi 40 ƙanƙara. Na ƙara gari giram 2 a kan wanda kika saba da gangan, domin sanyi yana dakushe ɗanɗano a harshe, ga kuma ƙanƙarar tambulan da za ta ci gaba da narkewa kina sha.

Ki niƙa garin ya ɗan fi na kullum laushi, kaɗan dai, kada ya zama kamar hoda. Dalili kuwa ruwan da zai ratsa shi ya ragu sosai, to sai an sauƙaƙa masa aiki. Idan niƙaƙƙe kika saya, ba komai, sai ki rage saurin zuba ruwa.

Ki fara jiƙa takardar da ruwan zafi don ta rabu da warin takarda, ki zubar da ruwan, sannan ki zuba ƙanƙarar a mazubi. Kada ki juya tsarin nan. Na taɓa wanke takarda a kan ƙanƙarar da na riga na auna, na narkar da kusan rabinta a banza. Ƙanƙarar ta zama ita ce ta ƙarshe da za ki ciro daga firiza, busasshiya, mai ƙauri. Wadda ta jima a waje tana naso ta riga ta fara zama ruwa, ƙarfin sanyayarta ya ɗan ragu, kuma niƙaƙƙiya saurin narkewa gare ta. Ki tabbata ta ruwa mai kyau ce, tunda kusan rabin abin da za ki sha daga gare ta ya fito. Wadda ta kwashi warin firiza za ki ji shi a baki.

Ki ɗora mazurari a kan mazubin, ki zuba gari, ki mayar da sikeli sifiri. Ruwan ya kasance tsakanin digiri 92 da 96. In ba ki da ma'aunin zafi, ki sauke buta bayan ta tafasa, ki ba ta kamar rabin minti. Ki fara zuba giram 65, ki ɗan juya mazurarin don duk garin ya jiƙa, ki jira daƙiƙa 45. Za ki ga yana kumbura yana kumfa, iskar da ta taru a ƙwayar lokacin suya ce ke fita. Daga nan ki zuba a hankali kina zagayawa daga tsakiya har sikeli ya nuna 180, ki ɗan saurara ruwan ya sauka, ki cika zuwa 300. Ya kamata ɗigar ta ƙare wajen minti biyu da rabi zuwa uku.

Ki ɗauke mazurari, ki kaɗa mazubin sosai har ƙanƙarar ta kusa ƙarewa. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, alhali muddin ƙanƙarar ba ta narke ba, lissafin bai cika ba, gahawar za ta yi ƙarfi fiye da yadda aka tsara. Kada kuma ki yi mamakin ganin abin da ke mazubin bai kai 500 ba. Gari yana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, don haka abin da za ki samu bai wuce giram 435 ko makamancin haka ba.

Me ya sa 200, ba 100 ko 300 ba? Zafin da ake buƙata don narkar da giram ɗaya na ƙanƙara daidai yake da wanda giram ɗaya na ruwa zai saki idan ya sauko da digiri 80. Gahawar da ke ɗigowa ta riga ta ɗan huce, kuma ba ta wuce giram 235 ba, saboda haka ƙanƙarar da take iya narkarwa tana kusa da nauyinta. Idan kin sa 100, duk za ta narke gahawar na da sauran ɗumi, sai ta je ta cinye ta tambulan. Idan kin sa 300, ruwan zafi 200 kacal ya rage, ba zai isa ya fitar da abin da ke cikin garin ba, ga ƙanƙara na yawo ba ta narke ba.

Ki zuba sabuwar ƙanƙara a tambulan, manya-manya, ki juye gahawar a kai. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. In kin ji tsami mai kaifi kuma ba ta da jiki, garin bai saki ba: ki ƙara masa laushi, ko ki koma ruwan zafi 330 da ƙanƙara 170. Wannan ya fi faruwa da ƙwayar da ba a soya ta yi duhu ba. In ɗaci ne da bauri, ki rage laushin, ko ki sauke zafin ruwan zuwa wajen digiri 90, musamman ga wadda ta soyu ta yi baƙi. In ɗanɗanon ya yi daidai amma ta yi rauni, gari za ki ƙara, giram 2 ko 3, ki bar ruwa da ƙanƙara yadda suke. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ki gane wanda ya yi aiki ba.

Na san da madara kike sha. Ita ma tana tsinka gahawa, don haka ki mayar da ƙanƙarar mazubi 150, madara mai sanyi giram 50 ta cike gurbin. In kina son madarar ta fi haka yawa, ki kai garin 36. Sukari ba ya narkewa da kyau a abu mai sanyi. Ki narkar da shi a ruwan zafi daidai nauyinsa, ki ajiye a firji, ki riƙa ɗiba da cokali.

In ke kaɗai ce, ki raba komai biyu: gari 16, ruwan zafi 150, ƙanƙara 100. In baƙi ne, ki ninka: 64, 600, 400, sai dai ki ɗan rage laushin gari don ruwan zai daɗe kafin ya ratsa. Abin da ya ragu ki tsame masa sauran ƙanƙara, ki rufe a firji, ki shanye shi a ranar.