Sanarwa ga Ma'aikata: Sauyin Lokacin Aiki Daga Litinin, 14 ga Afrilu

Sharaɗa, Kano
Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga dukkan ma'aikatan ɗakin inji, sito, sikeli da ofis na kamfaninmu na matsar man gyaɗa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa da abokan aiki, barkanmu da shan ruwa, da fatan an yi sallah lafiya.

Wannan takarda ce ta maye gurbin 'yar gajeruwar da aka manna a bakin ƙofa ranar Alhamis. Waccan ta faɗi sabon lokaci da hukuncin makara kawai, ba ta kawo dalili ba, kuma wasu dattawanmu sun ja hankalina cewa lafazinta ya yi kaushi. An cire ta. Ga cikakken bayani.

Daga ranar Litinin, 14 ga Afrilu, za mu riƙa fara aiki da ƙarfe 7:00 na safe mu tashi ƙarfe 3:00 na yamma, maimakon 9:00 zuwa 5:00 da muka saba. Wannan na Litinin zuwa Alhamis ne. Ranar Juma'a za mu fara 7:00 mu tashi 12:30, kuma babu dawowa bayan masallaci. Asabar daga 7:00 zuwa 12:00, sai dai Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ana tsayar da zirga-zirga har ƙarfe 10:00, wadda za mu fara 10:30 mu tashi 2:30. Lahadi hutu ne kamar kullum.

Albashin kowa na nan yadda yake, haka kuɗin dako na kowane buhu. Ba a ƙara wa kowa ko minti ɗaya ba, hasali ma rabin awa ya ragu a ranar Juma'a.

Dalili na farko zafi ne. Duk wanda ya shiga ɗakin inji da ƙarfe 3:00 na yamma a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. A waje ma zafin Kano kan haura digiri 40 a irin wannan lokaci, balle a ƙarƙashin rufin kwano, ga injin matsa yana huci, ga tunkuza tana fitowa da zafinta har buhu ba ya taɓuwa da hannu. Na ga masu lodi suna jiƙa rigunansu a famfo suna mayarwa jiki, kafin su gama tirela ɗaya rigar ta bushe ƙayau. Ba na son mu jira sai wani ya yanke jiki ya faɗi kusa da bel kafin mu ɗauki mataki.

Na biyu wuta ce. Kun san tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wutar layin Band A, yunit ɗin da muke saya ƙasa da naira 70 ya haura naira 200. Duk da haka ta fi dizal sauƙi nesa ba kusa ba. Mun duba littafin ɗakin janareto, kuma abin da ya nuna shi ne da safe wuta takan tsaya da ƙarfinta, amma da yamma, lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, sai ta yi rauni ko ta ɗauke, mu koma ƙona dizal. Awa biyun nan da muka ɗauko daga yamma muka kai safe, su ne suka fi cinye mana mai. Na fi son kuɗin nan ya zauna a aljihun kamfani a biya albashi kan kari da ya tafi a hayaƙi.

Da azumi mun gwada tashi da wuri, kuma gyaɗar da aka matse ba ta ragu ba. Wannan ne ya ƙarfafa mana gwiwa.

Na san sammako ba wasa ba ne, musamman ga masu zuwa daga nesa irin su Kurna, Rijiyar Lemo da Hotoro, waɗanda sai sun hau adaidaita sahu biyu kafin su iso. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zame wa kowa ƙaya, ban manta da wannan ba. Saboda haka bas ɗin kamfani za ta riƙa tashi daga Kabuga da ƙarfe 6:15, ta tsaya a Ɗorayi da Ja'en, sannan ta mayar da mutane bayan an tashi. Kyauta ce. Wanda yake so ya ba shugaban sashensa sunansa kafin Juma'a don mu san ko sahu ɗaya zai isa.

Game da makara, maganar yankan albashi da ke cikin takardar farko an jingine ta. Makonni biyun farko, wato har zuwa Asabar 26 ga Afrilu, na sabo ne. Za a ci gaba da sa hannu a rajista kamar yadda aka saba, amma ba za a rubuta wa kowa laifi ba. Bayan nan ma akwai sassaucin minti 15. Wanda makara ta zame masa jiki, za mu fara zama da shi mu ji uzurinsa tukuna. Roƙona kawai shi ne a tuna inji ba ya tashi da mutum ɗaya: idan mai zuba gyaɗa bai iso ba, mai tace mai da mai ɗinkin buhu duk zaman jira suke yi.

Iyaye mata da maza masu kai yara makaranta, ku same ni a ofis. A sito da ofis akwai damar mutum ya fara 8:00 ya tashi 4:00, idan an tsara da shugaban sashe. A ɗakin inji abin ya fi wuya, amma za mu duba ko musayar aiki za ta yiwu.

Hutun cikin aiki awa ɗaya ne, kamar yadda dokar ƙwadago ta tanadar wa wanda ya yi awa 6 ko fiye a wuni. Mun raba shi biyu: 10:00 zuwa 10:30 don karin kumallo, sai 1:30 zuwa 2:00 don sallar azahar da abincin rana. Juma'a da Asabar na safen kaɗai za a yi. Na yi magana da baba mai shayi da mai ƙosai na bakin ƙofa, sun ce tun 6:30 za su kafa teburinsu. Duk wanda aka roƙa ya tsaya bayan lokacin tashi, saboda tirela ta iso a makare ko wani gyara, za a rubuta masa obataya a biya shi tare da albashin watan.

Masu gadi da direbobin manyan motoci, wannan sauyi bai shafe ku ba, sai dai a buɗe ƙofa da ƙarfe 6:30.

Tsarin na lokacin zafi ne. Ranar Litinin, 30 ga Yuni, in Allah ya kai mu damina ta kankama, za mu zauna da shugabannin sassa da wakilanku mu duba ko a ci gaba da shi ko a koma na da. Kafin nan, ranar Alhamis mai zuwa, 10 ga Afrilu, bayan sallar azahar, zan kasance a rumfar sikeli don jin tambayoyi da ƙorafi. Wanda bai son magana cikin jama'a ya rubuta ya jefa a akwatin da ke ƙofar ofishin akawu, ko da babu suna.

Na gode da haƙurinku da ƙoƙarinku. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a nemanmu.

Naku,
Manaja